Ka Jagoranta Ko Ka Taimaka? Abin da Masu Tantancewa Ke Karantawa a Takardar Neman Aiki

Duk lokacin da wata ƙungiyar agaji a Maiduguri ko wani banki a Kano ya tallata gurbin aiki guda, takardun da ke shigowa sukan fi ƙarfin idon mutum ɗaya. Wanda aka ɗora wa tace su ba ya bin kowace takarda layi-layi a zagayen farko. Yakan duba sunan muƙamin da mutum ya riƙe, ya duba shekarun da ya yi a kai, sannan idonsa ya gangara ta gefen hagu, inda kowane layi ya fara. A takardar tarihin aiki, wadda kowa ke kira sibi, kalmar da ke buɗe layi aikatau ce, wato kalmar da ke faɗin abin da mutum ya yi. Kamfanin Ladders na Amurka ya taɓa bin motsin idon masu ɗaukar ma'aikata da na'ura a shekarar 2018, ya ce duban farko bai wuce daƙiƙa bakwai da 'yan kai ba. Binciken ƙarami ne, kuma duban farko kawai ya auna, amma duk wanda ya taɓa zama gaban tulin takardu ya san ba a yi nisa da gaskiya ba. A wannan ɗan lokacin ake raba takardu gida biyu, kuma aikatau na cikin abubuwan da ke raba su.

A Nijeriya da Turanci ake rubuta sibi, don haka dole mu kawo kalmomin yadda ake buga su. Biyu daga ciki sun ishe mu mafari. *Led* na nufin mutum ya jagoranta, *assisted* na nufin ya taimaka. Mai neman aiki yakan ɗauka bambancinsu na ado ne, wai ɗaya ta fi ɗaya daɗin ji. Mai tantancewa ba haka yake karanta su ba. A wurinsa kowacce da'awa ce game da abu biyu: wa ya yanke shawara a wannan aiki, kuma wa za a kira ya yi bayani idan aikin ya lalace. Wanda ya rubuta *led* yana cewa shi ya zaɓi hanya, kuma da an samu matsala wuyansa za a riƙe. Wanda ya rubuta *assisted* yana cewa akwai mai aikin, shi hannu ya sa. Girman muƙami a wurin aiki kuwa ba komai ba ne face wannan: yawan shawarar da aka bar wa mutum ya yanke shi kaɗai, da nauyin abin da zai amsa.

Matakan da ke tsakani

Tsakanin waɗannan kalmomi biyu akwai matakai, kuma masu tantancewa sun haddace su ko da ba su taɓa zama sun jera su ba. A can ƙasa akwai *participated in* da *was involved in*, waɗanda ba su faɗi komai ba sai cewa mutum yana wurin lokacin da aka yi abin. Direban da ya kai ma'aikata ƙauye ma yana iya rubuta su ba tare da ya yi ƙarya ba. Sama da su kaɗan akwai *assisted* da *supported*. Sai kalmomin aikin hannu, irin su *drafted*, *analysed*, *designed* da *trained*, wato ya tsara rubutu, ya yi nazarin alƙaluma, ya ƙirƙiro tsari, ya horar da mutane. Waɗannan ba su ce mutum shugaba ba ne, amma sun ce akwai wani abu takamaimai da ya fito daga hannunsa, wanda za a iya ɗagawa a nuna. A ganina su ne dukiyar ƙaramin ma'aikaci, kuma su aka fi yin sakaci da su.

Daga nan sai *coordinated*, kalmar da ke nuna mutum ya haɗa kan waɗanda ba a ƙarƙashinsa suke ba, ya sa suka yi aiki tare alhali ba shi da ikon ba su umarni. Sai *supervised* da *managed*, waɗanda ke ɗauke da ma'anar cewa akwai mutane ko kuɗi a hannunsa: shi ke sa hannu a takardar hutunsu, shi ke auna ƙwazonsu a ƙarshen shekara, shi ke amincewa a kashe kuɗi. A ƙoli akwai *led*, *directed*, *established* da *negotiated*, kalmomin wanda ya sa alƙibla, ko ya kafa abin da babu shi a da, ko ya zauna a madadin ma'aikatarsa ya ƙulla yarjejeniya.

Wanda ke shakkar cewa da gaske ake auna mutane da wannan tsani, ya buɗe tallan ayyukan Majalisar Ɗinkin Duniya a shafinta na Inspira, ya kwatanta muƙamin jami'in kula da shirye-shirye a matakai daban-daban. A matakin P-2, wanda ke neman gogewar aƙalla shekara 2, za ka ga *assists* da *contributes* sun yi yawa. A P-3, mai neman shekara 5, bayanin aikin yakan buɗe da *participates in the development*. A P-4, mai neman shekara 7, sai a cire sa hannun, a ce kai tsaye *develops, implements and evaluates*. A P-5, mai neman shekara 10, sai ka ga *takes the lead*. Aikin kusan ɗaya ne tun daga ƙasa har sama, tsara shiri da aiwatar da shi da auna shi. Abin da ke sauyawa shi ne aikatau, kuma albashi yana bin sa. Mutumin da ya saba rubuta irin wannan talla, idan sibinka ya zo hannunsa, da wannan ma'aunin zai karanta shi. A Nijar ma haka abin yake da Faransanci, inda *appuyer* da *participer à* suka cika takardun ma'aikatan ƙungiyoyi, alhali *piloter* da *diriger* ne ke nuna wanda ragama ke hannunsa.

Akwai wata jimla da ba ta kan tsanin ko kaɗan, kuma ita ta fi yawa a takardunmu: *responsible for*. Mutane suna son ta domin tana da kamar nauyi. Matsalarta ita ce ta faɗi abin da aka ɗora wa mutum, ba ta faɗi abin da ya yi ba. Ma'aikacin da ya yi shekara uku yana gyara harkar sito, da wanda ya yi shekara uku kaya na ɓacewa a hannunsa, duka biyun suna da haƙƙin rubuta cewa sito na ƙarƙashin kulawarsu. Mai tantancewa yakan ɗauka an kwafo layin ne daga takardar kama aiki, kuma sau da yawa haka ne.

Misali guda, daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauki misalin wata matashiya da ta gama bautar ƙasa, ta sami aikin mataimakiyar jami'in tattara bayanai a wani shirin yaƙi da tamowa a wata ƙaramar hukuma. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, amma irin aikin sananne ne ga duk wanda ya yi hulɗa da waɗannan shirye-shirye. Asibitocin sha-ka-tafi 12 ne ke ƙarƙashin shirin. A kowane mako ma'aikatan lafiya suna auna damtsen yara, suna rubuta adadin waɗanda aka karɓa, da waɗanda suka warke, da waɗanda iyayensu suka daina kawo su, da yawan abincin tamowa da ya rage. Takardun sukan iso ofis a makare, wani lokaci bayan kwana 10, don haka sai abinci ya ƙare a wani asibitin kafin ofis ya sani. Ita ce ta lura da haka, ta nemi izinin ogarta, ta tsara fom a KoboToolbox wanda ake cikawa a waya ko babu intanet, ta zagaya ta koya wa ma'aikata 24 yadda ake amfani da shi, ta riƙa kiran duk wanda bai turo ba ranar Litinin. Cikin 'yan watanni rahoto ya koma isowa a kwana 3. Ban da wannan, duk wata uku tana taya ogarta haɗa rahoton da ake aika wa masu ba da tallafi, inda take shirya jadawalin alƙaluma, ogar ta rubuta sauran ta sa hannu.

Bayan shekara 2 sai ga gurbin cikakken jami'i a wata ƙungiyar. Ga abin da ta rubuta a sibinta: *Assisted in data collection and reporting.* Wato ta taimaka wajen tattara bayanai da haɗa rahoto. Ba ta yi ƙarya ba ko kaɗan, amma ta binne aikinta da hannunta. Mai tantancewa zai karanta wannan layi ya ga yarinyar da ake miƙa wa takardu ta shigar a kwamfuta, ya ajiye ta a rukunin waɗanda ba su kai ba. Babu yadda za a yi ya san akwai fom, balle ya san ita ta kawo shawararsa.

Sai wani mai son ta da alheri ya ce mata ai ba a haka, ta sa manyan kalmomi. Ya gyara mata layin ya koma: *Led nutrition programme across 12 health facilities.* Wato ta jagoranci shirin tamowa a asibitoci 12. Wannan ya fi na farko muni. Mai tantancewa zai ɗaga ido ya ga sunan muƙaminta mataimakiya ne, ya ga shekara 2 ce, ya san cewa shirin da ya kai wannan girma yana da manaja da likitoci da kasafin kuɗi. Nan take zai gane an kumbura layin, kuma daga lokacin zai fara shakkar sauran layukan, har da na gaskiya.

Hanyar da ta dace ba ta neman ƙarya, kuma ba ta neman mutum ya ƙasƙantar da kansa. Maimakon a ɗaga aikatau ya rufe aikin da ba naka ba, sai a yanko daga cikin babban aikin wannan yankin da ya kasance naka tun daga farko har ƙarshe, a sa masa aikatau da ya dace da shi. Ba ita ta jagoranci shirin tamowa ba, amma ita ta jagoranci sauya hanyar turo rahoto. Don haka layi ɗaya zai koma uku. Na farko: *Designed a KoboToolbox form that replaced paper reports in 12 facilities, cutting reporting time from 10 days to 3.* Ta tsara fom da ya maye gurbin takarda a asibitoci 12, ya rage jiran rahoto daga kwana 10 zuwa 3. Na biyu: *Trained 24 health workers and followed up weekly submissions.* Ta horar da ma'aikatan lafiya 24, ta riƙa bibiyar abin da suke turowa duk mako. Na uku: *Prepared data tables for quarterly donor reports written by the M&E Officer.* Ta shirya jadawalin alƙaluma na rahoton wata uku-uku, wanda jami'ar sa ido ke rubutawa.

A duba layi na ukun da kyau. Ya ambaci cewa akwai wadda ke gaba da ita, kuma wannan bai rage mata komai ba. Hasali ma shi ke ba layuka biyun farko ƙarfi, domin mai karatu ya ga wannan mutum ce da ta san iyakar abin da yake nata. Takardar da kowane layinta ya fara da *led* ko *spearheaded* tana sa mai tantancewa ya tambayi kansa: to su sauran ma'aikatan wurin me suke yi?

A lura kuma da cewa aikatau shi kaɗai bai ɗauki nauyin ba. Abin da ya biyo bayansa ne ke faɗin girmansa: mutum nawa, asibiti nawa, kuɗi nawa, tsawon wane lokaci, kuma me ya sauya. Jagorantar mutum 3 na mako biyu da jagorantar mutum 60 a jihohi uku duk *led* ne, amma na farko aikin ƙaramin jami'i ne, na biyu na babban manaja. Laszlo Bock, wanda ya daɗe yana shugabantar sashen ma'aikata na Google, ya shahara da shawarar cewa kowane layi ya faɗi abin da aka cim ma, da ma'aunin da ke tabbatar da shi, da hanyar da aka bi. Idan babu adadi, mai tantancewa yakan ɗauki mafi ƙanƙantar fassarar da kalmar za ta iya ɗauka. Amma kada a ƙirƙiro adadi don cike gurbi. Wanda bai riƙe lissafin kwanaki ba yana iya faɗin adadin asibitoci, wanda kowa zai iya tabbatarwa.

Inda ake gwada da'awar

Sibi ƙofar farko ce kawai. Duk aikatau da mutum ya rubuta zai sake haɗuwa da shi a intabiyu, kuma ƙwararrun masu tambaya suna da hanyoyin gwada shi da ba sa kuskure sosai. Ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa da manyan kamfanoni suna amfani da salon da ake cewa mutum ya ba da labarin wani aiki da ya taɓa yi: yadda al'amarin yake, abin da aka ɗora masa, matakin da shi kansa ya ɗauka, da abin da ya biyo baya. A mataki na uku ake kama mutane. Za a tambaye ka wace hanya ce kuka yi tunanin bi kuka fasa, kuma me ya sa. Za a tambaye ka wa ya ƙi amincewa, kuma yaya ka yi da shi. Za a tambaye ka me ya lalace.

Wanda ya riƙe aiki da gaske yana da amsoshin nan a bakinsa, domin shi ya kwana da su. Matashiyar misalinmu za ta iya cewa da farko ta yi tunanin a riƙa turo hoton takarda ta WhatsApp, sai ta ga dole wani ya sake shigar da alƙaluman da hannu, kuskure zai ƙaru. Za ta iya cewa akwai wani dattijon ma'aikaci da ya ƙi taɓa fom ɗin, sai ta roƙi ƙaramin abokin aikinsa ya riƙa cikawa shi kuma yana duba masa. Za ta iya cewa a makon farko ta manta ba ta hana fom karɓar adadin da ba zai yiwu ba, har wani ya shigar da 300 a maimakon 30, ta koma ta sa iyaka. Wanda ya tsaya a gefe lokacin da ake aikin ba shi da irin waɗannan bayanai. Zai iya faɗin sakamako, domin ya ji shi a taro, amma da an tambaye shi hanyar da aka fasa bi sai ya koma maganar gaba ɗaya, ya ce an yi shawara, an duba, an ga ya dace. Wannan "an" ɗin masu tambaya suna jin sa sarai.

Gwaji na ƙarshe shi ne mutanen da ka ba da sunansu don su shaide ka. Ƙungiyoyi da yawa suna aika musu takarda ko su kira su kafin a ba da aiki, kuma tambayar da aka saba yi ita ce wace rawa ka taka, kuma mutum nawa ne a ƙarƙashinka. Idan ka ce ka jagoranta, tsohon oganka ya ce ai kana cikin yaran da suka taimaka masa, magana ta ƙare, kuma da wuya a gaya maka dalili.

Kunya, da "mun yi"

Akwai abin da ya shafe mu musamman a nan. An tarbiyyantar da Bahaushe a kan kawaici, an gaya masa yabon kai jahilci ne, kuma idan ya yi abin kirki ya ce "mun yi" ko "Allah ya taimaka an yi". Ɗabi'a ce mai kyau, kuma ba na cikin masu cewa a jefar da ita. Amma mai tantancewa ba shi da hanyar sanin cewa kunya ce ta sa ka rubuta *assisted*. Abin da ke gabansa kawai zai karanta, ya sa maka maki daidai da shi, ya ba wanda ya yi rabin aikinka gurbin saboda shi ya faɗi nasa. Faɗin abin da ka yi a inda aka tambaye ka shaida ce, ba fahariya ba, kuma ɓoye shi yana sa kwamiti ya yanke hukunci a kan bayanin da bai cika ba. A intabiyu ana iya riƙe duka biyun: a fara da abin da ƙungiya ta sa a gaba, a ce "mun", sannan a ce "nawa ɓangaren shi ne kaza", a koma "na". Masu tambaya suna son jin mutum ya ambaci abokan aikinsa. Abin da ba sa so shi ne a gama labari ba su ga inda hannunka yake ba.

Wannan nauyi ya fi faɗawa kan mata, kuma ba a ƙasar Hausa kaɗai ba. Masana tattalin arziki biyu a Amurka, Christine Exley da Judd Kessler, sun wallafa bincike a 2022 inda suka ba maza da mata jarrabawar lissafi da kimiyya, sannan suka ce kowa ya kwatanta ƙwazonsa. Matan da suka ci maki daidai da maza sun kwatanta kansu ƙasa da yadda mazan suka yi, ko bayan an gaya musu makin da suka samu. Tun a 2009 kuma Juan Madera da Michelle Hebl da Randi Martin sun yi nazarin wasiƙun shaida da ake rubuta wa masu neman aikin koyarwa a jami'a, suka ga an fi kwatanta mata da kalmomin taimako da kirki, maza kuma da kalmomin jagoranci da zartarwa, kuma kalmomin taimakon suna tafiya da ƙarancin maki a wurin masu tantancewa. Darasin bai tsaya kan mai neman aiki ba. Malami ko shugaban ofis da zai rubuta wa ɗalibarsa ko ma'aikaciyarsa wasiƙa, ya duba ko ya cika ta da cewa tana da ladabi da son taimako, ya manta bai faɗi abin da ta tsara ko ta gudanar ba. Yana iya cutar da ita da yabon da ya yi da kyakkyawar niyya.

Manya ma suna kuskure

Ba ƙananan ma'aikata kaɗai ke faɗawa ramin ba. Mutumin da ya yi shekara 15 yana aiki, yana neman kujerar shugaban sashe, sai ka ga sibinsa cike da aikin hannu: ya rubuta rahoto, ya shirya taro, ya shigar da bayanai. Duk gaskiya ne, amma kwamitin da ke neman shugaba zai karanta shi a matsayin wanda bai iya sakin aiki ga na ƙasa da shi ba, ko wanda muƙaminsa ya girma amma aikinsa bai girma ba. A wannan mataki ana son ganin shawarar da ya yanke, da mutanen da ya raina har suka tsaya da ƙafarsu, da kuɗin da ya amsa tambaya a kansu. Kuma ana son ganin tsanin a cikin takardar kanta: aikin farko ya nuna taimako da aikin hannu, na tsakiya ya nuna haɗa kai da kulawa, na baya-bayan nan ya nuna jagoranci. Idan aikatau bai sauya ba daga 2010 zuwa yau, mai karatu zai ɗauka mutumin ma bai sauya ba.

Ma'aikatan gwamnati suna da wata matsala ta daban. A aikin gwamnatin tarayya mai digiri yana shiga a mataki na 08, mataimakin darakta yana mataki na 15, muƙaddashin darakta na 16, darakta na 17. Wato wanda ake kira *Assistant Director* babban mutum ne da ya yi shekaru masu yawa, wataƙila yana riƙe da reshe sukutum. Amma idan ya nemi aiki a kamfani ko wata ƙungiyar waje, inda kalmar mataimaki ke nufin ƙaramin ma'aikaci, sannan ya bi sunan muƙamin da layukan *assisted the Director*, to ya tabbatar musu da fassarar da ba daidai ba. Abin da ya kamata shi ne ya faɗi reshen da yake riƙe da shi, da adadin ma'aikatansa, da irin takardun da sa hannunsa ne na ƙarshe a kansu. Haka ma wanda ya yi riƙon ƙwarya. Idan oga ya tafi hutu ko kwas na wata shida aka bar maka ofis, wannan jagoranci ne na gaske, kuma ana rubuta shi da tsawon lokacinsa da sunan muƙamin da aka riƙe, musamman idan akwai takardar da ta ba ka riƙon.

Kalma ba ta haifar da gogewar da babu ita. Idan talla ta ce shekara 5, ƙungiyoyi irin su Majalisar Ɗinkin Duniya suna cire wanda bai kai ba tun kafin wani ya karanta layukansa, kuma akwai wuraren da sanayya ke gaba da kowace takarda. Inda aikatau ke aiki shi ne tsakanin mutanen da duk suka cika sharaɗi, lokacin da za a zaɓi biyar ko shida da za a kira daga cikin masu yawa.

Kafin ka aika takardarka, ɗauki kowane layi ka yi masa tambaya uku. Wa ya kawo shawarar wannan aiki, ko ya zaɓi yadda za a yi shi? Da ya lalace, wa za a fara kira? Kuma da ba ka nan, da an yi shi kamar yadda aka yi? Idan amsar biyun farko kai ne, rubuta *led* ko *managed* ba tare da jin nauyi ba, ka sa adadi. Idan kai ka yi aikin amma wani ke amsawa, nemi kalmar aikin hannun da ta faɗi ainihin abin da ka yi. Idan taimako ne zalla, bar *assisted* ko *supported*, amma ka faɗi da me ka taimaka da kuma wa. Daga nan sai ka kira tsohon oganka da ka sa sunansa a matsayin mai shaida, ka karanta masa layukan da suka shafi zamanka a ƙarƙashinsa. Inda ya yi jim, sauko da kalmar mataki ɗaya ko ka ƙara tsuke abin da ta rufe. Sau da yawa kuma akasin haka ke faruwa, shi ne zai tuna maka cewa horon da ka rubuta ka halarta ai kai ka tsara shi, sai ka koma ka gyara layin.